Taswirar Karnaugh mai haruffa huɗu: me ya sa ake jera 00 01 11 10, kuma yaushe ne babban zagaye yake yaudarar mutum?

Duk sanda jarrabawa ta matso a sashen injiniyan lantarki ko na kwamfuta, a poli ne ko a jami'a, magana ɗaya ce take dawowa bakin ɗalibai kan taswirar Karnaugh, wato zanen gidajen da ake sauƙaƙa da'irar lojik da shi. Wasu su ce ai abin ba wuya, ka zana gidaje 16, ka zagaye duk inda ka ga 1 sun taru da yawa, shi ke nan. Wasu kuma su ce ɓata lokaci ne kawai, tunda yanzu manhaja ce take wannan aikin. Ga kuma tambayar da kusan kowa yake yi a ransa amma ba kowa yake furtawa ba, wai me ya sa ake rubuta 00, 01, 11, 10 a gefen taswirar, alhali mu a ƙirgen bainari mun san bayan 01 sai 10? Kuskuren bugu ne?

Ba kuskure ba ne. Kuma ni a ganina duk wanda bai gane dalilin wannan jerin ba, to zagaye kawai yake yi da haddar doka, ranar da aka ɗan karkata masa tambaya zai faɗi. Bari mu bi abin daki-daki.

Me ake sauƙaƙawa tun farko?

Da'irar lojik ba ta san komai ba sai 0 da 1. Kana da wayoyi huɗu masu shigo da saƙo, mu kira su A, B, C, D, kowacce ko dai 0 ko 1, sannan waya ɗaya mai fitar da amsa. Tunda kowane harafi hali biyu gare shi, haɗuwarsu gaba ɗaya 2 sau 2 sau 2 sau 2 ne, wato 16, daga 0000 har 1111. In ka rubuta dukkan 16 ɗin ka sa amsar da kake so a gaban kowanne, ka yi jadawalin gaskiya ke nan.

A rubutu, A' na nufin kishiyar A (in A ta zama 0 to A' ta zama 1), haruffa a manne kamar BD na nufin AND, wato sai dukkansu sun zama 1 amsa take zama 1, alamar + kuma OR ce, wato ko ɗaya ne ya zama 1 ya isa. Duk layin jadawalin da amsarsa 1 ce za ka iya rubuta shi a matsayin gaɓa ɗaya mai haruffa huɗu, misali 0101 shi ne A'BC'D. In kana da layuka takwas masu 1, kana da gaɓoɓi takwas, kowacce tana cin get ɗin AND mai ƙafa huɗu, wato ƙaramar da'irar da take aikin AND a kan wayoyi huɗu, sannan OR mai ƙafa takwas ya haɗa su. Zai yi aiki kam, amma aisi nawa za ka saya, wato 'yan kwanson da get suke ciki, waya nawa za ka ja a kan biredibod, kuma wuri nawa ne waya za ta iya sakin jiki ta sa ka yini kana nema?

Aljebrar George Boole ta tsakiyar ƙarni na 19 tana iya rage wannan, kuma Claude Shannon ne ya nuna a 1937 cewa wannan aljebrar ta dace da da'irorin kunnawa da kashewa. Matsalar ita ce da aljebra zalla ba ka san ko ka kai ƙarshe ba, kana iya tsayawa kana ganin ka gama alhali da saura. Edward Veitch ya fito da zanen gidaje a 1952, sai Maurice Karnaugh na Bell Labs ya gyara shi a 1953 zuwa wanda muke amfani da shi yau.

Dalilin jerin 00 01 11 10

Doka ɗaya ce tak take ƙarƙashin taswirar nan gaba ɗaya:

```
XY + XY' = X
```

Ma'ana in gaɓoɓi biyu sun yi daidai a komai sai harafi ɗaya, wanda a nan yake 1 a can yake 0, to wannan harafin ba shi da ta cewa, ko ya zo ko kar ya zo amsa ɗaya ce, sai a jefar da shi. A'BC'D da A'BCD sun bambanta a C kaɗai, don haka su biyun sun zama A'BD.

To abin da taswirar take yi shi ne ta zaunar da duk gaɓoɓin da suka bambanta a harafi ɗaya kusa da juna, yadda ido zai gan su ba sai an yi lissafi ba. Yanzu duba, da an jera 00, 01, 10, 11, daga 01 zuwa 10 haruffa biyu ne suka canza lokaci guda, kenan gidajen za su zauna kafaɗa da kafaɗa amma dokar can ba ta aiki tsakaninsu. Amma 00 zuwa 01 harafi ɗaya, 01 zuwa 11 harafi ɗaya, 11 zuwa 10 harafi ɗaya. Wannan jerin shi ake kira tsarin Gray. Ga yadda lambobin gidajen suke faɗawa, AB a gefe, CD a sama, kuma lambar kowane gida ita ce ABCD ɗinsa in an mayar da bainarin ƙirgen yau da kullum:

```
        CD
AB    00  01  11  10
00     0   1   3   2
01     4   5   7   6
11    12  13  15  14
10     8   9  11  10
```

Ka lura 3 ta riga 2, kuma layin 12 ya riga layin 8. A nan mutane da yawa suke fara ɓata aikinsu tun kafin su zagaye komai, su cika gidajen a jere 0, 1, 2, 3 kamar lissafin firamare, daga nan duk abin da ya biyo baya ya lalace ko da dokar zagayen ta zauna musu.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Daga 10 na ƙarshe in ka koma 00 na farko, shi ma harafi ɗaya ne ya canza. Kenan gefen dama maƙwabcin gefen hagu ne, layin ƙasa maƙwabcin layin sama ne, kamar ka nannaɗe tabarma bakinta biyu suka haɗu. Gida na 0 maƙwabtansa huɗu ne, 1 da 4 da kake gani kusa da shi, sai 2 da 8 da suke can ƙarshen layi. Kowane gida a taswirar maƙwabta huɗu gare shi cif, ɗaya ga kowane harafi. Na karkace kuwa, kamar 0 da 5, ba maƙwabta ba ne, 0000 da 0101 wuri biyu suka saɓa. Haka 7 da 8, a ƙirge suna bin juna amma 0111 da 1000 ba inda suka yi kama ko ɗaya.

Daga nan ma za ka gane me ya sa rukuni dole ya zama gida 1, 2, 4, 8 ko 16. Duk harafin da ka jefar yana ninka yawan gidajen da gaɓar ta rufe. Gida ɗaya haruffa huɗu, gida biyu haruffa uku, gida huɗu haruffa biyu, gida takwas harafi ɗaya. Babu wata gaɓa ta AND da za ta rufe gida uku ko shida, ba wai malami ne ya hana don ya ga dama ba.

Mu yi aiki ɗaya daga farko har ƙarshe

Ka san lambobin nan masu sanda bakwai da kake gani a famfon gidan mai, ko agogon lantarki, ko sikelin awo. Kowace sanda tana da da'irarta da take yanke ko ta kama ko ta mutu. Mu ɗauki sandar sama, wadda ake kira a. Lambar tana shigowa a bainari ta wayoyi huɗu, A ce babba mai darajar 8, D ce ƙarama mai darajar 1.

Sandar sama tana kamawa a 0, 2, 3, 5, 6, 7, 8, 9. Tana mutuwa a 1 da 4, rufe ido ka tuna siffar 1 da 4 a agogo za ka ga ba su da hula. (A aisin 7447 na da, lambar 6 ma ba ta da sandar sama, amma mu za mu bi siffar da aka fi gani yanzu.) Sai 10 zuwa 15, waɗanda ba za su taɓa shigowa ba tunda lamba ɗaya daga 0 zuwa 9 ta tsaya. Waɗannan ana sa musu X, wato ko oho, in sun taimaka ka ɗauke su 1, in ba su taimaka ba ka bar su 0.

```
        CD
AB    00  01  11  10
00     1   0   1   1
01     0   1   1   1
11     X   X   X   X
10     1   1   X   X
```

Ni ba na farawa da neman babban rukuni, ina farawa da 1 ɗin da ya fi kowa takura, zan faɗi dalili nan gaba. Duba gida na 5, samansa 0, hagunsa 0. Abin da ya rage masa 7 a dama da 13 a ƙasa, kuma in ka haɗa da 15 ka samu murabba'i na gida huɗu a tsakiya, 5, 7, 13, 15. Yanzu karanta shi. A layukan biyu AB ta tashi daga 01 zuwa 11, A ta canza sai a jefar, B ta tsaya a 1. A ginshiƙan biyu CD ta tashi daga 01 zuwa 11, C ta canza, D ta tsaya a 1. Gaɓar ita ce BD.

Sai gida na 0. Damansa 0 ne, ƙasansa 0 ne, wanda bai san zancen naɗewa ba sai ya zagaye shi shi kaɗai ya rubuta A'B'C'D', haruffa huɗu da get babba a banza. Amma ta hagu yana taɓa 2, ta sama yana taɓa 8, kuma 10 tana da X. Kusurwoyi huɗun nan, 0, 2, 8, 10, rukuni ɗaya ne. A layin sama da na ƙasa B ce ta tsaya a 0, a ginshiƙin farko da na ƙarshe D ce ta tsaya a 0, gaɓar B'D' ce. Wannan rukunin kusurwa shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma masu saita jarrabawa sun san haka sarai.

Gida na 9 yana layin ƙasa, kuma layuka biyun ƙasa duk 1 ne ko X, gida takwas ke nan, inda A kaɗai ta tsaya a 1. Gaɓar A ce kawai, ko get ba ta buƙata, waya ce miƙe. Saura 3 da 6, su kuma ginshiƙai biyun dama sun kwashe su, gida takwas, C. Don gida ya shiga rukuni biyu ko uku ba laifi, 7 tana cikin BD tana cikin C, OR ba ya damuwa ko mutum nawa ne suka ce masa 1.

```
a = A + C + BD + B'D'
```

Daga gaɓoɓi 8 masu haruffa 32 mun dawo haruffa 6. AND biyu masu ƙafa biyu, NOT biyu masu juya B da D zuwa kishiyarsu, OR ɗaya mai ƙafa huɗu.

Kar ka miƙa takarda ko ka fara jan waya ba ka gwada ba, kuma gwajin da ya fi saurin kama ɓarna shi ne na gidajen 0. Sa lamba 1, wato 0001, A 0, C 0, BD 0 saboda B 0 ce, B'D' 0 saboda D 1 ce, amsa 0, daidai. Sa 4, wato 0100, A 0, C 0, BD 0, B'D' 0, daidai. In da wani rukuni ya haɗiye 0 cikin kuskure, ko ka karanta harafi a juye, a nan zai tona kansa. Wani gwajin mai sauƙi, ƙirga haruffan gaɓa ka gwada da girman rukunin, in ka zagaye gida huɗu ka ga haruffa uku a hannunka to akwai inda ka kuskure karatu.

X ba kyauta ba ce

Da mun ɗauki X ɗin nan duka a matsayin 0, amsar za ta zama A'C + A'BD + AB'C' + A'B'D', haruffa 11 maimakon 6. Ka ga ribar ba ƙarama ba ce. Amma da zarar ka haɗa da'irar babu sauran X a duniya, kowane gida ya zama ko 0 ko 1. A namu, duk lambobin 10 zuwa 15 suna da A a 1, don haka in suka shigo sandar sama za ta kama. A allon nuna lamba wannan ba komai ba ne. In kuwa wayar nan famfon ruwa take kunnawa ko injin da zai iya ji wa mutum rauni, to sai ka zauna ka tambayi kanka da gaske ne wannan haɗuwar ba za ta taɓa faruwa ba, ko da waya ta tsinke, ko a daƙiƙar da aka kawo wuta komai bai daidaita ba? In akwai shakka ka sa 0 ka biya kuɗin ƙarin get. Kuma ba a yin rukunin da X ne zalla a cikinsa, ba wanda ya tambaye ka ka rufe su.

Tarkon fara da babban rukuni

Dokar da ake haddacewa ita ce ka yi rukuni mafi girma. Gaskiya ce amma rabinta ce. Duba wannan, 1 a gidaje 1, 5, 6, 7, 11, 12, 13, 15:

```
        CD
AB    00  01  11  10
00     0   1   0   0
01     0   1   1   1
11     1   1   1   0
10     0   0   1   0
```

Ido yana sauka kai tsaye kan huɗun tsakiya, BD, hannu ya zagaye kafin ma kai ya yi tunani. Sai a ga saura huɗu a gefe, 1, 6, 11, 12, a haɗa kowanne da na kusa da shi, a tashi da gaɓoɓi biyar.

Yanzu sake daga waɗanda suka takura. Gida na 1 ba shi da abokin haɗi sai 5, gaɓar A'C'D. Gida na 6 sai 7, A'BC. Gida na 11 sai 15, ACD. Gida na 12 sai 13, ABC'. Waɗannan huɗun dole ne, ba makawa, domin kowanne yana rufe wani 1 da ba wata hanyar rufe shi. To bayan ka zana su duba tsakiya mana, 5, 7, 13, 15 duk an riga an kwashe su. Babban rukunin da ya fi kowa kyau a ido ba shi da sauran aiki.

```
F = A'C'D + A'BC + ACD + ABC'
```

Shi ya sa tsarin da ya fi aminci shi ne, nemi 1 ɗin da hanya ɗaya kawai yake da ita, ka faɗaɗa rukuninsa iya yadda zai yiwu, ka gama da duk irinsu, sannan ka waiwayi abin da ya saura. Bayan ka gama kuma ka bi rukunan ɗaya-ɗaya kana tambaya, akwai 1 ɗin da wannan ne kaɗai ya rufe shi? In babu, goge shi. Wani lokaci sauran za su iya rufuwa ta hanya biyu masu tsada ɗaya, amsarka da ta abokinka su bambanta a rubutu kuma dukkanku ku yi daidai, jadawalin gaskiya ne zai raba gardama.

Inda mai jarrabawa da mai haɗa da'ira suka rabu

A takarda BD ɗin nan ƙari ne, maki za a cire maka in ka bar shi. A kan allo kuwa labari ya sha bamban, kuma wannan ne ɓangaren da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa a aji.

Get ba ya amsawa nan take, a aisin dangin 74LS kowanne yana ɗaukar wajen nanosakan 10. Ka ce muna gida na 7, A 0, B 1, C 1, D 1, amsa 1 ce kuma A'BC ce take riƙe da ita. Sai C ta sauka zuwa 0, mun koma gida na 5, amsar ya kamata ta ci gaba da zama 1, yanzu A'C'D ce za ta karɓa. Amma C' sai ta bi ta get ɗin NOT tukuna, kenan ta ɗan makara. A'BC ta riga ta saki, A'C'D ba ta kama ba, a wannan ɗan tsakanin amsar ta faɗi 0 ta dawo 1. In fitila ce a ƙarshen wayar idonka ba zai taɓa gani ba, mitar gwaji ma ba za ta nuna ba, sai osiloskof. In kuwa wayar tana shiga ƙafar agogon wata da'irar ƙirge, to za ta ɗauki wannan ƙyaftawar a matsayin bugu, sai ka ga ƙirge yana tsallake lamba jefi-jefi alhali jadawalinka daidai yake layi bayan layi.

Taswirar tana nuna maka wurin tun kafin ka haɗa. Duk inda 1 biyu suke maƙwabta amma ba rukuni ɗaya da ya rufe su tare, akwai yiwuwar wannan matsalar. A misalinmu wurare huɗu ne, 5 da 7, 7 da 15, 15 da 13, 13 da 5. Kuma me zai rufe dukkansu? BD ɗin da muka goge. Tunda B da D ba sa motsi a duk waɗannan sauye-sauyen, gaɓar tana nan a 1 tana riƙe da amsar har sauran su gama miƙa wa juna. Sai dai wannan maganin na harafi ɗaya ne in ya canza shi kaɗai, in biyu suka canza tare bai ɗauki alkawari ba. A da'irar da komai yake jiran bugun agogo ɗaya kafin a karanta amsa, yawanci ba a damuwa da ƙyaftawar, saboda ta wuce kafin bugun ya zo.

Masu cewa zamani ya wuce ta fa?

Suna da hujja. Haruffa biyar na buƙatar taswira biyu masu gida 16, shida na buƙatar huɗu, bayan nan ido ya daina iya ganin maƙwabtaka. Can sai hanyar Quine da McCluskey ta jadawali, wadda ita ma doka ɗaya take maimaitawa ta haɗa gaɓoɓin da suka saɓa a wuri ɗaya, ko manhaja irin Espresso. A FPGA kuma, wato aisin da ake tsara masa da'ira da manhaja, da'ira mai haruffa huɗu tana shiga ƙaramin jadawalin ajiya guda ɗaya ko ka sauƙaƙa ta ko ba ka sauƙaƙa ba, ƙirgen get bai da ma'ana a wurin.

Ko a haruffa huɗun ma akwai inda take gazawa. Ɗauki da'irar da take ba da 1 in yawan 1 ɗin da suka shigo mara ne, wato ɗaya ko uku. Za ka samu 1 guda takwas a taswira amma ba biyu da suke maƙwabta, duk a karkace suke da juna, ba rukuni ko ɗaya, taswirar za ta ce maka sai AND takwas masu ƙafa huɗu. Alhali XOR uku, get ɗin da yake ba da 1 in ƙafafunsa biyu sun saɓa, sun gama aikin, ƙasa da aisin 7486 guda ɗaya, wanda huɗu ne a cikinsa. Taswirar AND da OR kawai ta sani. Ko a sandar saman can, BD + B'D' ɗin da muka samu XNOR ce ta B da D, wato kishiyar XOR, get ɗaya, taswirar ba za ta faɗa maka ba sai kai ka gane siffar da idonka. Don haka in ka ga 1 suna zaune a karkace suna tsallake gida ɗaya-ɗaya, ka ajiye zagaye ka gwada XOR tukuna.